Tsinke a Cikin Littafin Aro

Duk wanda ya taɓa aron littafi a laburare irin na da, kafin kwamfuta ta karɓi aikin, ya san wata 'yar takarda da ake mannawa a cikin bangon littafi. A kanta ake buga hatimin ranar da za a mayar da shi. Kusa da ita akwai ɗan aljihu na takarda mai ɗauke da katin littafin. Idan ka zo aro, ma'aikaci zai zare katin, ya haɗa shi da naka, ya jera su cikin wani ɗan akwatin katako a bayan ranar da aka ɗibar maka, galibi mako biyu. Wata ma'aikaciyar laburare a Amurka mai suna Nina Browne ce ta fito da wannan tsari a 1895, ya bazu ƙasashe da dama, har ya iso makarantunmu. Amfaninsa shi ne ma'aikaci ba ya bukatar dogon bincike. Da safe in ya buɗe akwati, katin da ranarsa ta wuce yana nan tsaye a gaba, ya san littafin da bai dawo ba, ya san kuma hannun da yake ciki.

A kan wannan 'yar takarda da wannan akwati aka gina gajeren labarin da za mu duba. Labarin wani yaro ne da yake ta makara wajen mayar da littafi, ba don mantuwa ko ƙiwa ba, sai don ba zai iya jure ya kai ƙarshensa ba. Ƙirƙirarren labari ne, ni na tsara shi domin mu kwance shi tare, mu ga yadda ake ɗinka irinsa da kuma inda yakan ɓarke. Ga shi a taƙaice.

Ɗanlami yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare, shekarunsa 12. A kan hanyarsa ta komawa gida akwai laburaren gari, ɗaki biyu ne da baranda, da wani dattijon ma'aikaci da kowa ke kira Malam. Wata Litinin ya shiga ya ari Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. Malam ya buga hatimi, ya ce, “Mako biyu. Kowace rana ta ƙaru naira 10.”

Bai dawo ba sai ranar Alhamis bayan wa'adi, ya makara da kwana 3. Ya ajiye naira 30 a kan tebur, amma bai saki littafin ba. Ya ce, “Malam, don Allah a ƙara mini.” Malam ya karɓa ya jujjuya, ya ga wani tsinken tsintsiya a tsakiyar littafin, inda yaron ya tsaya. Ya duba rajistar masu jira, babu kowa. Ya sake buga hatimi.

Karo na biyu ya makara da kwana 8. Ranar Juma'a ya shigo da yamma da kuɗin a ƙulle cikin leda, duk 'yan ƙananan takardu, waɗanda ya tara daga abin da Inna ke ba shi na ƙosai da safe. Malam ya buɗe littafin. Tsinken ya yi nisa, saura 'yan ganyayyaki kaɗan a bayansa.

“Kai yaro, wannan ai karatun zama ɗaya ne ya rage maka. Ga benci can, zauna ka ƙarasa.”

“Malam, Inna tana jira na, za ta aike ni niƙa.”

Malam ya dube shi, ya dubi littafin, ya buga hatimi na uku ba tare da ya ce komai ba.

A gida Ɗanlami yana karatu kowane dare, ƙanwarsa shaida ce, domin fitilar da suke rabawa ce yake ja gefensa. Sai dai ba gaba yake ci ba. Yakan koma farko, ya sake bin labaran da ya riga ya sani, har ya zo daf da tsinken, sannan ya rufe. Wani dare ƙanwar ta ce, “Yaya, wai Sarkin ya dawo daga yaƙin?” Ya ce mata ta yi barci.

Wannan karon kwana 20 ya yi bayan wa'adi. Ya sauya hanyar komawa gida, yana zagayawa ta bayan kasuwa don kada ya bi ta gaban baranda. Ranar da ya zo, kuɗinsa ba su kai naira 200 ba. Ya zube abin da ya samu, ya tsaya kansa a ƙasa. Malam bai ƙirga ba. Ya buɗe littafin, ya tarar da tsinken a inda ya gan shi wancan karo, har ya kwanta ya bar shaida a jikin takarda.

“Ba ka fahimci Hausar ba ne?”

“Ina fahimta, Malam.”

“To mene ne?”

Yaron ya yi shiru har Malam ya ɗauka ba zai amsa ba. Can ya ce, “In Sarki ya dawo, aku ba shi da sauran dalilin ba da labari.”

Malam ya jawo rajistar masu jira, ya juya ta wajen yaron, ya ɗora yatsa a kan wani suna. Wata yarinya ce 'yar firamare, ta rubuta sunanta da fensir, harafi manya-manya. Mako huɗu ke nan tana zuwa tambaya. Ɗanlami ya daɗe yana kallon sunan. Sannan ya zare tsinkensa daga cikin littafin, ya sa a aljihu, ya tura littafin gaban Malam. Ya ce, “Malam, ara mini biro.” Ya rubuta sunansa a ƙarƙashin nata.

Nan labarin ya tsaya.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne littafin ba na yaron ba ne. Da a ce mahaifinsa ne ya saya masa, da babu labari ko kaɗan. Zai sa shi a ƙarƙashin matashi ya bar shafukan ƙarshe har ya girma, ba wanda zai tambaye shi. Mutane da yawa suna da irin wannan littafi a ɗakunansu. Abin da ya mayar da wannan hali labari shi ne wa'adi. Akwai ranar da aka buga da tawada, akwai mutumin da ke duba akwati kowace safiya, akwai kuɗin da ke hauhawa. Son da yaron ke yi wa littafin yana cewa ka dakata, amanar aro tana cewa ka mayar, kuma dukkansu biyun gaskiya ne. Gajeren labari ba ya bukatar fiye da haka: abu biyu masu kyau da ba za su iya tabbata a lokaci guda ba, da mutum ɗaya a tsakaninsu. Marubutanmu masu tasowa sukan ɗauka sai an kawo mugu kafin a samu rikici, shi ya sa kishiya da matar uba suka cika labaranmu. A nan babu mugu ko ɗaya, amma tun daga hatimi na biyu mai karatu yana jin abin yana matse shi.

Zaɓen littafin da yaron ya ara ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan nake son in ɗan daɗe. Ana iya cewa “wani littafi” kawai a wuce, amma an yi asarar rabin labarin. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fito ne cikin littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930, daga Zariya, bayan Imam ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja a gasar rubutun da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Wanda ya karanta na ɗaya zai tuna ginshiƙinsa. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla makirci, yana so yaron ya fita daga fada don a hallaka shi. Musa kuwa ya matsu ya bi mahaifinsa. Abin da ya tsare shi shi ne aku, wanda kowane dare yake ɗauko masa labari, ya ja shi da shi har gari ya waye, tafiya ta fasu. Wato littafin kansa labari ne na jinkirtawa. Aku yana amfani da labari don ya riƙe yaro, shi kuma Ɗanlami yana riƙe labari don kada aku ya yi shiru. Wannan dabara ta jan lokaci da hira tsohuwa ce, ita ce dai ta Dare Dubu da Ɗaya, inda Shaharazad ke katse labari da asuba don ta ga wani daren. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa wannan bayani a cikin labarin. Da ya ji yaron ya ambaci dawowar Sarki, ya gane komai, domin shi ma ya taɓa zama a wannan fada.

Akwai kuma wani abu da mai karatu ya sani wanda yaron bai sani ba: aku bai yi shiru ba. An naɗa shi waziri, kuma akwai littafi na biyu da na uku, har da wanda yake koyar da ɗansa Fasihi. Abin da Ɗanlami ke tsoro ba zai faru yadda yake zato ba. Wannan sanin yana sa mai karatu ya ƙara tausaya masa, ya ji kamar ya shiga cikin takarda ya faɗa masa. Amma yana jawo tambaya da dole marubuci ya amsa wa kansa: me ya hana Malam ya miƙo masa na biyu? Amsar da na ba kaina ita ce babu su a kanta. An are su shekarun baya, ba su dawo ba. Katunansu suna can ƙarshen akwati, sun yi ja don tsufa. A cikakken rubutun labarin jimla ɗaya ta isa ta nuna wannan, a sa Malam ya kai hannu zai ciro katin yaron, yatsansa ya taɓa waɗancan biyun. Da wannan jimla an bayyana dalilin da ya sa dattijon ba ya wasa da wa'adi, ba tare da an tsaya ba da tarihinsa ba.

Sai maganar dawowa uku. Tatsuniyoyinmu sun saba da maimaici, Gizo ya je ya dawo ya sake komawa, kuma kunnen Bahaushe yana jin daɗinsa. Haɗarin shi ne a maimaita abu iri ɗaya sau uku, mai karatu ya gaji tun a na biyu. Dole kowace dawowa ta fi ta baya nauyi, kuma a ga nauyin da ido. Kwanakin makara sun tashi daga 3 zuwa 8 zuwa 20. Tarar ta tashi daga naira 30 zuwa 80 zuwa 200. A karon farko yaron ya biya cikin sauƙi, a na biyu ya biya da cikinsa, a na uku ya kasa. Halinsa ma ya bi wannan hawa: da farko roƙo ya yi, sannan ya yi 'yar ƙarya, daga bisani ya fara ɓuya. Idan aka haɗa wa'adi uku na mako bibbiyu da kwanakin makara, littafin ya yi kwana 73 a hannunsa, kusan zangon karatu guda. Marubuci ya kamata ya zauna ya yi wannan lissafi a gefe ko da ba zai sa shi a labari ba, har ya tabbatar ranakun mako sun dace, kada ya kawo yaro laburare ranar da take a rufe. Masu karatu suna lura da irin wannan fiye da yadda ake zato, kuma da zarar sun kama lissafi ɗaya ya karkace, sai su daina yarda da sauran.

Tsinken shi ne ke ɗauke da aikin da marubuci mai gaggawa zai ɗora wa dogon bayani. Ana iya rubuta cewa yaron yana jin wani irin ƙunci a zuciyarsa duk lokacin da ya tuna littafin zai ƙare, hawaye suna cika idonsa. An faɗi gaskiya, amma mai karatu bai ji komai ba, domin an tauna an ba shi. Tsinke kuwa yana bari ya gano da kansa. A dawowar farko yana tsakiya, alamar yaron yana karatu da sauri. A ta biyu yana daf da ƙarshe. A ta uku bai motsa ba, alhali littafin ya fi daɗewa a hannunsa. Mai karatu da Malam suna gano abin a lokaci guda, kafin yaron ya buɗe baki. Shi ya sa da ya yi magana jimla ɗaya ta ishe shi. Ga hanyar da mai rubutu zai gwada kansa: ya bi rubutunsa ya ja layi a ƙarƙashin duk inda ya ambaci baƙin ciki, tsoro ko damuwa da sunansu. In ya goge su labarin ya tsaya da ƙafarsa, to abubuwan da ya nuna suna aiki. In ya rushe, to bai riga ya sami tsinkensa ba.

Yanzu ga wurin da na fi jin tsoro a madadin duk wanda zai rubuta irin wannan labari. Zuciya za ta raya masa cewa dalilin yaron ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa nauyi. Sai ya kashe mahaifin yaron, ya ce shi ne ya fara karanta masa littafin kafin ya rasu, shi ya sa ƙarasawa ta zama kamar sake binne shi. Ba na cewa ba za a iya rubuta wannan da kyau ba. Amma wani labari ne daban, labarin maraici, kuma littafin ya koma kayan aiki kawai, ana iya maye gurbinsa da hula ko agogo. Abin da ya fi wuya, kuma ya fi daraja a ganina, shi ne a yarda cewa yaro mai uwa da uba, mai lafiya, yana iya jin rabuwa da mutanen cikin littafi kamar rabuwa ta gaske. Wannan abu ne da masana suka daɗe da lura da shi. A 1956 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, sun yi rubutu a kan yadda masu sauraren rediyo da masu kallon talabijin ke shaƙuwa da mutanen da suke ji ko gani kullum, har su ɗauke su kamar abokan zama, alhali waɗancan ba su san da su ba. Daga baya an faɗaɗa wannan fahimta zuwa taurarin ƙagaggun labarai. Wanda ya taɓa bin wasan kwaikwayo na rediyo wata da watanni, ranar da aka ce an kawo ƙarshe ya ji gidan ya yi masa faɗi, ya san abin da ake nufi. Hausawa sun ce laifin daɗi ƙarewa. Babba ya ji wannan magana sau da yawa har ta daina yi masa ciwo. Yaro ɗan shekara 12 yanzu yake gano ta, kuma ya gano cewa a wannan karon, sau ɗaya, ƙarewar tana hannunsa, yana iya hana ta. Wannan dalili ya isa.

Wanda ya san shagunan hayar littattafai da suka cika Kano da sauran garuruwa a shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya ke fitowa kashi-kashi, zai ga bambancin sosai. Mai haya sauri yake yi, yana karatu har tsakar dare don ya mayar ya karɓo kashi na gaba, kuma marubutan sun san haka, sukan yanke labari a daidai inda numfashi ya tsaya. Wannan ita ce yunwar sanin abin da zai faru, kuma ita ce ta fi yawa. Ɗanlami yana ɗaya gefen. Ya riga ya hango abin da zai faru, ba shi yake nema ba. Zama cikin mutanen yake so. Shi ya sa yake komawa farko yana maimaitawa, kuma wannan ɗan yanki na dare da ƙanwarsa yana da muhimmanci, domin shi ne ke nuna cewa ba gajiya ya yi da littafin ba.

Malam kuma shi ne mutumin da aka fi saurin ɓatawa. Hanya ɗaya ita ce a mai da shi azzalumi mai tsawa, wanda zai kori yaron ko ya kai ƙararsa makaranta. Ɗayar ita ce a mai da shi waliyyi, ya yafe tara, ya ce yaro ya riƙe littafin kyauta, ya bi shi da nasiha. Dukkansu biyun suna kashe labarin. Littafin ba na Malam ba ne balle ya bayar, na gari ne, kuma shi ma amana ce a wuyansa. Wani masanin harkar laburare ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, ya shimfiɗa wasu ƙa'idoji biyar na wannan aiki a 1931, waɗanda har yau ake koyar da su. Biyu daga cikinsu suna fuskantar juna: ɗaya tana neman a sada mai karatu da littafin da ya dace da shi, ɗaya tana neman a sama wa littafi masu karanta shi. Malam yana ganin Ɗanlami ya sami littafinsa, abin da kowane ma'aikacin laburare ke fata. Yana kuma ganin littafin yana da wata mai jiransa. Ƙa'idar aikin ma a fili take a yawancin wurare: ana sabunta aro muddin babu wanda ya yi rajistar jira, in akwai kuwa ba a sabuntawa. Don haka bai yi wa yaron wa'azi ba. Rajista ya juya masa, ya bar shi da sunan yarinyar.

A lura cewa ba tarar ce ta dawo da littafin ba. Yayin da take ƙaruwa, yaron ƙara nisa ya yi, har ya sauya hanya. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce kawai. Manyan laburarori a duniya sun yi ta muhawara a kai, har na birnin Chicago ya soke tarar makara a 2019, na birnin New York ya bi sahu a 2021, bisa hujjar cewa bashin tara yana korar 'ya'yan marasa ƙarfi daga karatu gaba ɗaya, domin wanda ya kasa biya yakan daina zuwa ne da shi da littafin. Labarin bai tsaya yin wannan muhawara ba, kuma bai kamata ya tsaya ba. Ya isa a ga yaro yana zagayawa ta bayan kasuwa, a ga kuma Malam bai ƙirga kuɗin ba.

Saura ƙarshe, wanda a labarin da ke magana kan tsoron ƙarshe dole a yi masa tunani sosai. Mafi sauƙi shi ne a zaunar da yaron a benci ya ƙarasa, ya ɗago da murmushi, ya gane cewa ba abin tsoro ba ne. Wannan yana gaya wa mai karatu cewa yaron kuskure yake yi tun farko, yanzu an gyara shi, ni kuwa ban yarda kuskure yake yi ba. Wani ƙarshen shi ne a nuno shi ya tsufa, littafin yana nan a akwatinsa bai ƙarasa ba. Yana da daɗin ji, amma ya mai da shi wanda ya ci amana, ya kuma manta da yarinyar. Wanda na zaɓa ya raba abu biyu da yaron ya ɗauka abu ɗaya ne, wato riƙe littafi da ƙin ƙarasa shi. Ya saki na farko, bai saki na biyu ba. Ya zare tsinkensa don kada ya bar wa yarinyar alamar inda wani ya tsaya, ya kuma shiga layi a bayanta. Ko zai ƙarasa in littafin ya sake zagayowa, ba a faɗa ba, domin tambayar da labarin ya ɗauko tun farko ita ce ko zai mayar, kuma an amsa ta. An saba rufe labaranmu da darasi a fili, kamar yadda ake rufe tatsuniya da ƙurunƙus, har wani marubucin yana jin bai gama ba sai ya ƙara sakin layi mai cewa wannan labari yana koya mana riƙon amana. A nan ƙarin zai rage ne, domin mai karatu ya riga ya ga amanar a hannun yaron lokacin da ya nemi biro.

Ga wanda zai zauna ya rubuta shi cikakke, yana da kyau ya auna filinsa tun kafin ya fara. Gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ta saba neman labari mai kalmomi tsakanin 1,000 zuwa 1,500, kuma wannan awo ya dace da irin wannan labari. Aron farko da dawowar farko kada su ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar, domin aikinsu kawai su kafa doka su nuna tsinke. Dawowa ta biyu da daren gida su ɗauki kusan kashi biyu. Sauran duka a bar wa haɗuwar ƙarshe, a tafi da ita a hankali, a bar shirun yaron ya yi tsawo yadda ya kamata. Abin da ya fi cinye fili a banza shi ne gabatarwa: asalin garin, sana'ar mahaifi, yawan 'ya'yan gidan, yadda gari ya waye ranar. In aka duba rubutun farko aka ga an kai kalma 300 yaron bai riga ya tsaya gaban teburin Malam ba, a yanke duk abin da ke sama, a fara daga inda ya miƙa littafin aka buga masa hatimi.